Mai Esi

Ana gota Shuwarin, wajen sha biyu da rabi, iskar da ke fitowa ta gaban mota ta fara ɗumi. Malam Ɗanladi ya kara tafin hannunsa, ya murɗa maɓallin, ya kashe ya sake kunnawa. Sai huci kawai. Ya yi gum, yana fatan kada kowa ya lura tukuna.

"Direba, wai esin ne ka rage?" in ji wani Alhaji mai babbar riga a kujerar gaba.

"Ranka ya daɗe, da alama gas ne ya tsiyaye."

Nan fa mota ta ɗauki hayaniya. A tasha a Kano ƙarin dubu biyu kowa ya biya saboda an ce Sharon ɗin mai esi ce, ga Afirilu, ga Maiduguri da sauran nisa. Aka sauke gilasai, iska ta shigo kamar daga bakin tanderu. Gilashin baya kuwa ya ƙi sauka. Ya daɗe da lalacewa, Ɗanladi yana ta cewa sai an samu sarari. A daidai nan wata tsohuwa take zaune da jikanta a cinya, yaron ya yi sharkaf, kukan ma ya daina fita sosai.

A Azare ya tsaya gun wani bakanike. Mutumin ya leƙa, ya shafo wani bututu, ya nuna masa maiƙo a yatsa. "Ya huje. Ka ba ni awa biyu."

Ɗanladi ya dubi rana. Awa biyu a nan, dare zai riske su tsakanin Damaturu da Maiduguri, hanyar da ba mai son binta bayan magariba. Ya karɓi sukundireba, ya ɓalle murfin ƙofar baya, ya danna gilashin ƙasa da hannu. Ya sayo leda guda ta fiya wata da ƙanƙara, ya jiƙa tawul ɗinsa ya miƙa. "Iya, a lulluɓa masa a ka."

Sannan ya zaro kuɗi ya bi kowa da dubu biyunsa. Ribar yinin ke nan ta tafi.

Alhaji ya ƙirga nasa sau biyu, ya sa aljihu. Ya waiga baya, ya ɗan yi jim, sai ya buɗe ƙofa. "Iya, dawo nan gaba da yaron, an fi samun iska."

Kafin Potiskum yaron ya yi barci. Alhaji kuwa, an matse shi tsakanin ɗalibai biyu, ya tuɓe babbar riga yana fifita da hularsa.

"Direba," ya ɗaga murya, "in mun isa ka ba ni lambarka."

"To, ranka ya daɗe."

"Don in tabbatar ban sake shiga motarka ba."