Amsa: Gwajin fassara da rubutun sanarwar rediyo, da 'yan tambayoyi kafin in fara

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da aiki, ya ɗawainiya? Saƙonki na jiya Litinin ya iso ni tare da takarda mai shafi biyu da kika haɗo. Na gode da aka sa ni cikin waɗanda za su yi gwajin, kuma na amince zan yi.

Abin da na fahimta shi ne aikin kashi biyu ne. Na farko in mayar da takardar faɗakarwa kan gudawa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 daga Turanci zuwa Hausa, kalma kusan 400. Na biyu in rubuta sanarwar rediyo ta daƙiƙa 60 daga abin da ke cikinta. Idan na bauɗe a nan, a gyara mini. Na karanta takardar sau biyu, kuma akwai wuraren da amsarki za ta canza yadda zan yi aikin.

Wanda ya fi damuna shi ne ma'aunin ruwa. Sakin layi na 3 ya ce a zuba ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari, a lita 1 ta ruwa mai tsabta, amma rubutun da ke ƙarƙashin hoton shafi na 2 ya ce rabin lita. Dukansu biyun akwai su, domin ana yin ƙunshin lita 1 ana kuma yin na rabin lita, sai dai takarda ɗaya ba za ta faɗi biyun ba tare da bambancewa ba. Idan uwa ta zuba ƙunshin lita 1 a rabin lita, gishirin ya yi yawa ke nan, yana iya cutar da yaron da ake son ceto. Wane ƙunshi ne ake rabawa a wuraren da takardar za ta je? Kuma an yarda in ƙara ma'aunin da mutane suka sani? A gida ba kowa ke da abin awon lita ba, amma kowa ya san ledar fiya wata, wadda galibi rabin lita ce, to leda biyu lita 1 ke nan. Wannan ƙari ne a kan Turancin, shi ya sa ba zan sa shi da gaban kaina ba. Idan mai duba gwajin yana son fassara ce tsantsa, zan bar shi a gefe a matsayin shawara.

Haka ma ƙwayar zink. A cikin bayani an ce a ba yaro kwana 10, a jadawalin ƙasa kuma an rubuta kwana 14. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kwana 10 zuwa 14. Don haka babu wanda ya saɓa a cikinsu, amma mai karatu zai rikice. In bi takardar yadda take in yi alama a wurin, ko in daidaita su? Mai yiwuwa da gangan aka bar saɓanin don a ga ko mai gwaji zai lura. Idan haka ne, to na lura.

Sai masu karatu. Su wa za su riƙe takardar nan a hannu: iyaye mata a gida, ko ma'aikatan lafiya da za su karanta musu? Ga ma'aikaci zan iya cewa ƙarancin ruwa a jiki in wuce. Ga uwa kuwa gara a faɗi abin da idonta zai gani: idanun yaro sun zurma, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu. Kalmar gudawa ma wasu zawo suke cewa, kuma a rediyo ya kamata a zaɓi ɗaya a tsaya a kanta.

Wannan ya kawo ni ga yanki. A saƙonki an ambaci Kano da Jigawa, amma a ƙasan takardar na ga Maraɗi da Damagaram. Idan har da Nijar, akwai abubuwan da za su taɓu. A can ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, kuma idan aka ce a kai yaro likita, wurin ake nufi, abin da mu muke kira asibiti. Ni da daidaitacciyar Hausa zan yi, sai in an ce a yi kwafi na biyu.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, zan sa su duka, domin barinsu na canza ma'ana: ƙafa daban, kafa daban. Tambayata a nan ita ce ko za a ɗauki wani yanki a tura ta gajeren saƙon waya. Da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga, saƙon da ke ɗaukar harafi 160 sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ƙaru. Idan akwai wannan niyya, zan rubuta shi daban.

Kan sanarwar rediyo, daƙiƙa 60 ɗin duka magana ce, ko a ciki za a cire kiɗan buɗewa da sunan mai ɗaukar nauyi? A ƙiyasina, karatu a tsanake ba zai wuce kalma 140 a minti ɗaya ba, idan aka cire daƙiƙa 10 kuwa jimla biyu sun tafi. Murya ɗaya ake so, ko hira tsakanin mutum biyu, kamar uwa da maƙwabciyarta? Rubutu kawai zan turo, ko har da naɗin murya?

An ce a miƙa ranar Juma'a kafin a tashi aiki. Ƙarfe nawa ke nan, kuma agogon ina? Na ga wanda aka sa a kwafin saƙon yana Nairobi, su kuma suna gabanmu da awa 2. Zan turo a .docx sai in PDF ake so. Ina kuma son sanin ko an yarda a duba ƙamus, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, ko kuna da jerin kalmomin da ofishinku ya saba amfani da su in bi.

Ta ƙarshe, a yi mini afuwa, gara a yi ta tun yanzu: aikin nan don tantancewa ne kawai, ko ana iya buga shi ko a sa shi a rediyo? Idan za a yi amfani da shi, ina so mu yi maganar ladan aiki tukuna, kuma ma'aikacin lafiya ya duba ma'aunan kafin ya fita.

Don kada jira ya ci lokaci, yau zan fara da sassan da ba su da matsala. Idan ban ji daga gare ki ba zuwa azahar ɗin Laraba, zan ɗauka iyaye mata ne masu karatu, in bi lita 1 da kwana 10 kamar yadda ainihin bayanin ya ce, in yi alama a wuraren biyu, in rubuta sanarwar da murya ɗaya, in turo ranar Juma'a kafin ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya.

Allah ya ƙara girma, a huta lafiya.

Nasiru
Zariya