Fitowar rana a gonakin alkama na Kadawa: bayanin ɗauka daga sama

A shirya bidiyo na daƙiƙa 20, ɗauka ɗaya babu yanka, daga jirgi maras matuƙi da ke tashi a hankali bisa gonar alkama ta noman rani a Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam a jihar Kano. Wannan ita ce ɗaukar buɗe shirin dokumentari kan manoman da ke ban ruwa da ruwan madatsar Tiga, don haka komai ya fito kamar an je wurin an tarar da shi haka, ba kamar tallan taki ko na banki ba.

Lokacin tsakiyar Janairu ne, sanyi ya kankama, ƙarfe bakwai saura 'yan mintuna na safe. Rana ta fara leƙowa ta gabas, ta ɗan karkata kudu kamar yadda take yi a wannan watan. An yi wa gonar ban ruwa jiya da yamma, ƙasa tana jiƙe, raɓa ta sauka da daddare.

Daƙiƙa huɗu na farko kyamara tana ƙasa ƙasa, kimanin mita ɗaya sama da kan shuka, tana fuskantar gabas, ranar tana ɗan gefen dama. Alkamar ta yi wajen mako bakwai da shuka, tsayinta bai wuce gwiwa ba, koriya shar, ba ta fitar da kai ba tukuna. Kada a mayar da ita ruwan zinariya, wannan sai wajen Maris lokacin yanka. A ga ɗigon raɓa a bakin ganye, haske yana ratsa shi ta baya. A ga wani ganyen da bakinsa ya ɗan ƙone, da ciyawa guda biyu uku da suka tsira a tsakani, domin gonar mutum ce, ba filin gwaji ba. Kyamara tana matsawa gaba kaɗan kaɗan tun kafin ta fara hawa.

Hazon shi ne ran wannan ɗauka, a kula da shi fiye da komai. Hazon ruwa ake so, wanda ke tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa da magudanai idan ruwan ya fi iskar asuba ɗumi. Fari ne, siriri, yana kwance dab da kan alkama, kaurinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Bai rufe ko'ina daidai ba: ya fi kauri a kan magudanar ruwa da wuraren da suka yi kwari, ya yi shara-shara a kan tudu har ana ganin kore ta cikinsa. Yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, da ƙyar ido zai gane yana motsi. Inda hasken rana ya taɓa shi ya zama ruwan ɗorawa mai laushi, inda inuwa take ya tsaya fari mai ɗan shuɗi. Ƙurar hunturu daban take, kuma wurinta can nesa ne a gindin sama, inda za ta rage wa rana kaifi har a iya kallonta. Kada ƙurar ta sauko ta dusashe gonar, kada kuma hazon ya koma kamar hayaƙin ƙona ciyawa.

Daga daƙiƙa ta biyar jirgin ya fara hawa, a miƙe, da sauri ɗaya, ba fizga ba girgiza. Yayin da yake hawa kyamara tana sunkuyowa kaɗan, ta yadda sama ba za ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton ba. A tsayin mita goma sai fangalai su bayyana, ƙanana, masu kusurwa huɗu, kunyoyin da suka raba su ba su miƙe sak ba saboda da fartanya aka ja su. Ƙaramar magudana ta ƙasa ta ratsa hoton daga kusurwar hagu ta ƙasa zuwa tsakiya, ruwan cikinta yana ɗaukar hasken sama.

A bakin magudanar akwai manomi ɗaya, dattijo mai kimanin shekara hamsin. Yana sanye da tsohuwar rigar sanyi a kan jamfa, da hular ulu, ya naɗe wando zuwa ƙwauri, ƙafarsa cikin takalmin ruwa. Ya sunkuya yana buɗe wa ruwa hanya da shebur. Bai san ana ɗaukarsa ba, ba ya ɗaga kai, ba ya murmushi, ba ya ɗaga wa kowa hannu. Hazo ya rufe shi zuwa gwiwa, inuwarsa doguwa ta miƙo yamma, wato wajen kyamara. Kekensa yana jingine a kan kunya da buhu ɗaure a baya. Mutumin nan shi ne ma'aunin girman wurin, saboda haka a bar shi cikin hoto har ƙarshe, yana ƙanƙancewa yayin da jirgi ke nisa.

Daga mita talatin zuwa tamanin ƙasar ta buɗe. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu, babu daji. Gonakin ba iri ɗaya ba ne: alkama kore mai haske, tumatir kore mai duhu, albasa mai ɗan toka-toka, sai wani fili da aka bari da kututturan shinkafar damina. Itatuwa jefi-jefi, kawunansu sun ɓullo ta saman hazo. A sa gawo da ganyensa cike, domin shi da rani yake yin ganye, a sa kuka tsirara babu ko ɗaya, da mangwaro biyu da darbejiya a bakin hanya. Babbar magudanar siminti ta bayyana a dama, hanyar jar ƙasa tana bin gefenta, mai babur ɗaya yana tafe da kwandunan tumatir, ƙurarsa kaɗan. Balbelu biyar ko shida su ratsa ƙasa da kyamara. Can nesa ƙauye, gidajen ƙasa da rufin kwano, hasumiyar masallaci gajera, hayaƙin murhu siriri yana tashi daga gida biyu.

Daƙiƙa uku na ƙarshe jirgin ya rage sauri har ya kusa tsayawa, a samu wuri a saman hoton inda sunan shiri zai zauna daga baya. Kada a rubuta komai a kai yanzu.

Launi ya zama na gaskiya, ba a cika masa gishiri ba. Kore kada ya yi ƙyalli, sama kada ta yi ja jawur, inuwa ta riƙe abin da ke cikinta. Ƙyallin rana a gilashin kyamara, idan zai shigo, sau ɗaya ya isa. Sauti na wurin kaɗai: gudun ruwa, kukan kurciya, zakara daga ƙauye, ƙarar shebur a laka da take raguwa yayin hawa. Babu kiɗa, babu murya, babu ƙugin farfela.

Kada a ga inuwar jirgin, kada iskarsa ta kwantar da alkama ko ta watsa hazo. Kada a sa jan rumbu na katako, shingen fararen katakai, injin iska ko katafaren tarakta, waɗannan na gonakin wata ƙasa ne. Hannun manomin da shebur ɗinsa kada su sauya siffa daga farko har ƙarshe.

```
aspect ratio: 16:9
resolution: 4K
frame rate: 24 fps
shutter: 1/50
lens: 24mm
duration: 20s
```