Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan dambu

Garwa, unguwar Yelwa
14 ga Janairu

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Liyon, can Faransa? Mu ma nan hunturu ya sauka, amma na san namu wasa ne a kan naku.

Na ga hoton dambun da kika turo wa ƙanwarki. Wannan ai tuwo ne ya sha ganye. Kin ce baƙi za su zo miki ƙarshen wata, to ba a fafe gora ranar tafiya, ki gwada sau ɗaya kafin ranar. Ba kayan haɗi ne suka ba ki kunya ba. Ruwa ne ya yi yawa, kuma kin haɗa komai kin turara sau ɗaya. Dambu sau biyu ake turara shi, kuma tururi ne ke dafa shi.

Ki fara da na shinkafa, ya fi sauƙi. Can ba ki da injin ɓarza, saboda haka ki nemi karyayyiyar shinkafa irin wadda 'yan Sanagal ke saye, ta yi kama da 'yar Yagwa da muke samu a nan. Idan an rubuta cewa sau biyu aka karya ta, ita ce daidai. Kada ki ɗauki mai danƙo, kuma kada ki niƙa doguwa a injin markaɗe, rabi zai zama gari rabi ya tsaya yadda yake.

Na mutum shida, da kofin shayi ɗaya za ki auna komai: shinkafa kofi 4, busasshen zogale kofi 2, soyayyiyar gyaɗa kofi 1, man gyaɗa kofi 1, albasa manya 3, tattasai 2, attarugu 3, magi 3, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi.

Ki tankaɗe tsakin ko da kin ga kamar ba gari a ciki, domin garin nan shi ke toshe hanyar tururi ya kuma dunƙule dambu. Ki wanke sau uku har ruwan ya washe, ki jiƙa na minti 20, sannan ki zuba a kwando ya tsane na rabin awa. A nan kika yi gaggawa. In kika damƙa kika ji hannunki ya yi laima kawai ba ya ɗiga, ya yi.

Tukunyar kuskus da ake sayarwa a shagunan Larabawa madambaci ce sak. Ruwan ƙasa kada ya wuce rabin tukunya, don in ya tafasa ya taɓa gindin na sama, ƙasan dambun ya caɓe ke nan. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ki naɗe mahaɗar tukwanen biyu. Duk tururin da kika gani yana fita ta gefe, asara ce. Idan ramukan sun yi faɗi ki shimfiɗa farin ƙyalle marar kauri. Sai ruwa ya tafasa tururi ya taso za ki zuba tsakin, a sake, da hannu, kada ki danna shi ko kaɗan. Ki sa wani ƙyallen a ƙarƙashin murfi, in ba haka ba gumin murfin zai riƙa ɗiga ya jiƙa saman. Lokaci kuma ki fara ƙirga shi daga sa'ad da tururi ya huda tsakin ya fito ta sama: minti 25. Murhunku na lantarki yana jinkirin ɗaukar zafi, in kika ƙirga daga ɗorawa za ki sauke ɗanye.

Kafin nan ki gyara zogale. Wanda na ba matar kawunki ta taho miki da shi a inuwa aka shanya shi, shi ya sa yake kore shar. Ki tsince 'yan itatuwan, su ne ke da ɗaci kuma suna soke dasashi. Ki jiƙa a ruwan zafi minti 10, ki wanke sau biyu kina tsamo shi da hannu daga sama don yashi ya zauna a ƙasa, ki matse sosai. Garin zogalen da kika saya a gwangwani ki bar shi na kunu, a dambu sai ya rine shi ya ƙara ɗaci. Ranar da zogalen ya ƙare alayyafo zai yi, amma ruwa gare shi: ki yanka, ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki matse kamar wanki, sannan ki rage ruwan yayyafi.

Gyaɗa a daka ta sama-sama, a bar ta da 'yan gutsattsari. In ta yi laushi har ta fara fitar da mai, za ta kama dambun ya yi nauyi. Attarugu da tattasai jajjage ake yi, kada ki markaɗa su da ruwa. Albasa biyu ki yanka ƙanana, ɗayar ki ajiye.

Yanzu wurin da dambu ke gyaruwa ko ya lalace. Ki juye tsakin a faffaɗar roba, ki farfasa da muciya, in ya ɗan huce ki murje da tafin hannu har ƙwayoyin su rabu. Ki narkar da gishiri da magin a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, da shi za ki yi yayyafi. In kika barbaɗa su a bushe, wani zai ci loma lami wani ya ci karo da dunƙulen magi. Kaɗan-kaɗan, kina yayyafawa kina juyawa, ki bar shi minti 5 ya sha. Ki damƙi kaɗan: ya haɗu a hannu, kina taɓa shi da yatsa ya warwatse, to ruwa ya isa. In ya ƙi haɗuwa ki ƙara rubu'in kofi, don wanda aka mayar a bushe ko awa ya yi a wuta zai fito da tsakuwa-tsakuwa a haƙori. In ya haɗu ya ƙi warwatsewa, ki baza shi a faranti ya sha iska kafin ki ci gaba.

Sai ki zuba zogale, jajjage, albasa, gyaɗa da cokali 4 na man, ki cakuɗa. Ki ɗanɗana tun yanzu, gishirin ya ɗan fito, saboda zogale yana shanye shi. Duba ruwan ƙasa, ki ƙara tafasasshe in ya ja, domin tukunya in ta ƙone ƙaurin yana bin tururi ya shiga ko'ina, kuma ba ya fita. Ki mayar a turara minti 20 zuwa 25. Ki murza ƙwaya tsakanin yatsu, in ba farin ido a tsakiya ya nuna.

Sauran man ki soya shi da albasar da kika ajiye har ta yi ja, kada ta yi baƙi. Kina sauke dambun ki zuba rabi da zafinsa ki juya, rabin ki kai gaban baƙi da yajin ƙuli. Na san can ana tsoron mai, amma dambun da aka yi wa rowar mai shaƙe mutum yake yi.

Idan na masara maigidan yake so, ki nemi tsaki mai kauri, ki jiƙa awa ɗaya a ruwan ɗumi, turarin farko minti 40, yayyafi kuma kofi ɗaya da rabi. Kuskus na kwali kuwa dafaffe ne tun daga kamfani, yayyafi kawai za ki yi masa ki haɗa ki turara sau ɗaya, minti 15. Yana fitar da mutum kunya, amma kada ki kai wa Hajiyar maigidanki ki ce dambu ne.

Abin da ya rage ki sa a firiji da zarar ya huce, gyaɗa da albasa ba sa jure kwana a waje. Kwana biyu ya isa, kuma a tururi za ki ɗumama.

Babanku yana gaishe ku. Ki shafa min kan yara, ki ce wa maigidan ina gaisuwa. In kin gwada ki turo hoto, na wanda kika damƙa a hannu nake son gani. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Inna