Yadda za ku tsara taswirar gwaje-gwajen siris kafin jarabawar Litinin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri ban samu zuwa tutoriyal ɗin jiya ba, malamin da ke duba furojet ɗina ne ya riƙe ni har bayan la'asar, na fito kuma hadari ya haɗo, da ƙyar na samu adaidaita zuwa Kabuga. Maryam ta turo min hoton fulocat ɗin da kuka zana a allo. Kun yi ƙoƙari wallahi, babu gwajin da kuka bari. Matsalar dai ita ce kun jera su ne kamar yadda suka zo a handawut, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kibiya biyu, ta "kwanbaj" da ta "daibaj". Wannan jerin sunaye ne kawai. Idan aka ajiye muku tambaya a gaba, ba zai gaya muku wace ƙofa za ku fara ƙwanƙwasawa ba.

Ga yadda na zana tawa lokacin da nake aji biyu, har yanzu tana manne a bayan ƙofar ɗakina, kwalin ya yi jawur saboda ƙura. Ku sami babban kwali fari da biro kala uku. Shuɗi na tambaya, kore na hukunci, ja kuma na amsa ta uku da kuka manta, wato "ban sani ba". Kusan kowane gwaji yana da inda yake ɗaga hannu ya ce shi ba shi da ta cewa, kuma dole jar kibiyar nan ta tafi wani akwati, kada ta tsaya a iska. Duk makin da na taɓa zubarwa a wannan kwas, a wurin nan na zubar da shi.

Akwati na farko, can sama shi kaɗai, tambaya ɗaya ce: shin `a_n` yana tafiya sifili idan `n` ta yi girma? In bai tafi ba, ko limit ɗin ma babu shi, an gama, siris ɗin ya yi daibaj, ku rubuta ku wuce. Misali `n/(2n+1)` yana tafiya `1/2` ne, to ta yaya jimla za ta tsaya alhali kullum ƙara mata kusan rabi ake yi? In kuwa ya tafi sifili, to ku ji ni da kyau, ba ku gano komai ba tukuna. Jar kibiya za ku ja zuwa ƙasa. A hotonku kore kuka ja a wurin, kuma na ga alamar rubutun Sadiq ne. Sadiq, kada ka ji kunya, ni ma haka na rubuta a tes ɗina na farko, malam ya zagaye wurin ya rubuta `1/n` a gefe bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Siris ɗin hamonik ke nan: kowane adadi a cikinsa yana ƙanƙancewa zuwa sifili, amma jimlar ba ta da iyaka. A hankali take hawa ƙwarai, sai an tara adadi 12367 kafin ta haura 10, shi ya sa kalkuleta take yaudarar mutum ya ɗauka ta tsaya. Tun ƙarni na 14 Nicole Oresme ya nuna ba ta tsayawa, ta hanyar haɗa adadin rukuni-rukuni: `1/3 + 1/4` ya fi rabi, huɗun da ke biye ma sun fi rabi, takwas ɗin gaba haka nan, rabi bayan rabi babu ƙarshe. Ku rubuta `1/n` da jan biro a gefen akwatin nan.

Layi na biyu na sanannun fuskoki ne, waɗanda ba sai an yi musu bincike ba. Jiyometirik yana kwanbaj idan `|r| < 1`, jimlarsa kuma `a/(1-r)`. Siris ɗin `1/n^p` yana kwanbaj idan `p > 1` kawai, ku lura babu "daidai da" a wurin, don `p = 1` shi ne hamonik ɗin da muka gama magana a kai. Sai mai cinye juna, irin `1/(n(n+1))`, wanda idan aka raba shi ya zama `1/n - 1/(n+1)` sai tsakiya ta share kanta a bar 1. Ku yi wa waɗannan akwatuna kauri, domin nan gaba da su za a riƙa auna sauran.

Daga nan sai tambayar alama. Duka adadin fositif ne, ko akwai masu debewa a ciki? Wannan ita ce mararrabar da ta raba kwalin gida biyu, dama da hagu, kuma dole ta zo kafin gwajin kwatanci da na intigiral, saboda su biyun ba sa aiki sai a kan adadin da ba su da negatif. Ku duba da idon basira, wani lokaci alamar ɓuya take yi. `cos(nπ)` ba komai ba ne illa `(-1)^n` da ya sake riga.

Bari mu bi dama tukuna, ɓangaren fositif, inda aikin ya fi yawa. A nan kada ku tambayi kanku wane gwaji na fi iyawa. Ku kalli siffar `a_n` ita za ta zaɓa muku. Ni haka na rubuta a kwalina:

```
n! , c^n            →  L = lim |a_(n+1) / a_n|
( ... )^n           →  L = lim |a_n|^(1/n)
P(n) / Q(n)         →  lim a_n / b_n ,  b_n = 1/n^p
1 / (n (ln n)^p)    →  ∫ f(x) dx
```

Layin farko gwajin reshiyo ne, na d'Alembert. Da zarar kun ga faktoriyal ko lamba mai fawar `n`, ku nufe shi, don a rabawar nan komai yake zubewa. Ku gwada `n!/n^n`, za ku sami `L = 1/e`, ƙasa da 1, ya yi kwanbaj. Layi na biyu gwajin rut ne, na Cauchy, ya dace da inda aka ɗaga abu gaba ɗayansa zuwa fawar `n`, kamar `(n/(2n+1))^n` da ke ba da `1/2`. Hukuncinsu iri ɗaya ne: `L < 1` kwanbaj, `L > 1` daibaj, `L = 1` ban sani ba.

To ina jar kibiyar `L = 1` za ta? Bashir ya tambaye ni wancan makon ko daga reshiyo sai a koma rut. Idan limit ɗin reshiyo ya wanzu kuma ya ba da 1, rut ma 1 zai ba ka, ɓata minti biyar ne kawai, kamar wanda ya ga cunkoso ya sauya layi a titi ɗaya. Kibiyar ta tafi akwatin kwatanci. Kuma ku rubuta gargaɗi babba a saman reshiyo cewa ba a kai masa folinomiyal bisa folinomiyal. `1/n` da `1/n^2` duka `L = 1` suke bayarwa, alhali na farko daibaj ne, na biyu kuma jimlarsa `π²/6` ce kamar yadda Euler ya gano. Na san reshiyo yana da daɗin hannu, shi ya sa kowa ke garzayawa wurinsa, amma ga irin waɗannan makaho ne.

Akwatin kwatanci ku raba shi sama da ƙasa, kuma a ra'ayina na limit ya zauna a sama ko da littafi ya fara da na kai tsaye. Dalilina shi ne sauƙi. A ce an ba ku `(3n+2)/(n^3-5)` daga `n = 2`. Ku ɗauki babbar fawa a sama da babba a ƙasa, saura ku yi kamar ba ku gan su ba, sai ku ga yana kama da `1/n^2`. Ku raba, limit ya ba da 3, lamba ce fositif mai iyaka, don haka makomarsu ɗaya, kwanbaj. Kwatancin kai tsaye kuwa yana buƙatar ku gina rashin daidaito, kuma nan ake juya shi baibai. Wanda ke ƙasa da mai kwanbaj shi ne ke kwanbaj, wanda ke sama da mai daibaj shi ne ke daibaj. Sauran biyun ja ne. Kasancewar abu ƙasa da `1/n` ba ta gaya maka komai ba. Ku ajiye shi don inda wani yanki ke da shinge, irin `sin²(n)/n^2`, tunda `sin²(n)` ba ya wuce 1.

Gwajin intigiral ku sa shi can ƙasa, shi ne mafi tsada. Sai `f` ta kasance fositif, ba ta yankewa, tana kuma raguwa, kuma ku rubuta sharuɗɗan nan uku a takardar amsa, ana ba su maki. Inda ya fi amfani shi ne `1/(n ln n)`. Kwatanta shi da `1/n` ba ya fitar da ku, amma da `u = ln x` intigiral ɗin ya zama `ln(ln x)`, wanda ba shi da iyaka, daibaj. Da an ɗaga `ln n` zuwa fawa 2, da ya yi kwanbaj. Kada kuma ku ce amsar intigiral ita ce jimlar siris, ba ita ba ce.

Ɓangaren hagu gajere ne amma tsarinsa na da muhimmanci. Kada ku fara da gwajin Leibniz. Ku fara cire alama, ku ɗauki `|a_n|`, ku ja doguwar kibiya ta tsallaka zuwa dama a yi masa duk abin da muka faɗa. In ya yi kwanbaj a can, shi ke nan, kwanbajin absolut ne, an gama. Wannan hanya ce ke fitar da `sin(n)/n^2`, wanda alamarsa ba ta sauyawa bi da bi, balle Leibniz ya taɓa shi. In bai yi ba, sai ku dawo ku tambaya: alamar tana sauyawa ɗaya bayan ɗaya? Girman adadin yana raguwa? Yana tafiya sifili? In duka e ne, ya yi kwanbaj bisa sharaɗi, kamar `1 - 1/2 + 1/3 - ...` da jimlarsa take `ln 2`. In sharaɗin raguwa ne ya faɗi, Leibniz bai ce daibaj ba, shiru ya yi, ja ne. Abu ɗaya da za ku ƙara da ƙaramin rubutu: idan reshiyo ko rut ne ya ba da `L > 1` a kan `|a_n|`, ba sai kun dawo ba, domin adadin ma ba ya tafiya sifili, asalin siris ɗin daibaj ne.

Kowa ya zana tasa da hannunsa. Kada Maryam ta zana a kai shagon fotokofi na bakin get a raba, ba za a bar ku ku shiga da ita hol ba, abin da hannu ya ja ne yake zama a ka. Idan kun gama, ku bi waɗannan guda huɗu da yatsa a kan kwalin, ku rubuta sunan kowane akwati da kuka ratsa:

```
(1 - 1/n)^n
2^n / n!
(-1)^n / √n
ln(n) / n
```

Na farkon tarko ne, siffarsa tana kiran rut, amma wanda ya fara daga saman kwali ba zai kai can ba. Ranar Asabar in sha Allahu ina nan ƙarƙashin darbejiyar bayan laburare daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Ku zo da kwalayenku, Ummi kuma don Allah ki taho min da jan makata da kika ara.