Sanarwa ga ma'aikata kan bayanan marasa lafiya a wayoyin aiki da zaurukan WhatsApp

Daga ofishin shugabar asibiti, Jos
Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga likitoci, nas-nas, ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaji da ɗakin magani, masu kati, masu shara, direbobi, masu gadi da ɗalibai masu koyon aiki.

Assalamu alaikum, barkanmu da aiki.

A makon jiya hoton takardar gwajin wata mai juna biyu ya shiga zauren adashin ma'aikata, da sunanta, da shekarunta, da unguwarsu, da sakamakon da ko mijinta bai riga ya ji ba. Likita aka yi niyyar tura wa, hannu ya kuskure. An goge shi ba da jimawa ba, amma kafin nan wasu sun buɗe, kuma a zauren akwai mutum biyu da suka bar aiki da mu tun bara. An kira matar an yi mata bayani, an ba ta haƙuri. Ba za a ambaci wanda ya tura ba, kada kuma a bi ana tambaya, domin ɗabi'ar da ta haifar da kuskuren kusan kowa a nan yana yin ta. Daga yau ga yadda za a riƙa aiki.

Mazaunin bayanin mara lafiya shi ne katinsa da fayil ɗinsa. Waya ta kira ce da isar da saƙon gaggawa. Duk abin da ba za ka iya faɗa da ƙarfi a wurin jiran ganin likita ba, kada ka rubuta shi a zaure.

Wayoyin aiki uku muke da su: ta teburin kati, ta ɗakin haihuwa, da ta masu aikin dare. Kowace an sa mata lambar sirri sabuwa, wadda shugaban sashe zai faɗa wa masu aiki da ita baki da baki, kuma za a riƙa canza ta farkon kowane wata da duk ranar da wani ya bar aiki. A cire takardar nan da aka manna a bayan wayar ɗakin haihuwa mai ɗauke da tsohuwar lamba. Kulle ne da makulli a jiki. Wayar aiki ba ta kwana a gidan kowa, ba ta zuwa kasuwa, ba a ba ɗan jinya ita ya kira gida. In ɗan jinya ba shi da kuɗi a waya, a danna masa lambar, a tsaya har ya gama, a karɓa. Idan wuta ta ɗauke, a yi caji a ofishin shugabar nas-nas inda sola take, ban da shagon caji na bakin titi. Wajen miƙa aiki, a rubuta a littafi wanda ya ba da waya da wanda ya karɓa da lokaci, kamar yadda ake yi wa makullin kabad ɗin magani.

Idan waya ta lalace, a kawo ta ofis. Kada kowa ya ɗauke ta da kyakkyawar niyya ya kai wa mai gyara a Taminus. Mai gyara zai nemi lambar sirri don ya gwada aikinsa, daga nan kuma duk abin da ke ciki yana hannunsa.

Maganar hoto ita ce babba, zan ɗan tsaya a kanta. Mutum yakan ɗauki hoton takarda ya tura ya goge saƙon, ya ɗauka shi ke nan. Alhali hoton yana nan cikin hotunan wayarsa, yana cikin wayar duk wanda ya sauke shi, kuma a wasu wayoyin ya riga ya hau Google Photos da kansa. Da yamma uwa ta miƙa wa ɗanta waya ya yi wasa, ko ƙanwa ta ara ta kwashi hotunan biki ta Xender, sai ga rauni ko takardar wani a tsakanin hotunan suna da na kamu. Gaskiya ne WhatsApp yana rufe saƙo a hanya ta yadda wani ba zai karanta shi a tsakani ba, amma da zarar ya sauka, tsaronsa ya koma hannun mai wayar. Shi kuwa Delete for everyone ba ya dawo da abin da ido ya riga ya gani, ba ya kuma goge wanda aka tura gaba ko aka ɗauki hotonsa. View once ma haka: mai waya biyu zai ɗauka da ɗayar.

Saboda haka an hana ɗaukar hoton mara lafiya, ko katinsa, ko rajista, ko takardar gwaji da wayar kai. Idan likita yana waje kuma dole sai ya ga wani abu, a fara kiransa. In kira bai wadatar ba, a nemi izinin mara lafiya, a rubuta a fayil cewa ya yarda, a ɗauka da wayar aiki, a rufe suna da adireshi da lambar waya da guntun takarda kafin a danna, kada fuska ta fito, a tura wa likitan shi kaɗai. Shawarar da ya bayar a rubuta ta a fayil da lokaci da sunansa, sannan a goge hoton a wayoyin biyu kafin a tashi aiki, har da wanda ke kwandon shara na waya.

Zaure ɗaya ne na aiki, kuma shugabar nas-nas da jami'in ajiye bayanai ne kawai ke da ikon sa mutum ko cire shi. A cikinsa ana amfani da lambar kati da lambar gado, ba suna ba. "Gado na 4, jini ya hau, a zo a duba" ya isa. "Hajiyar nan matar mai shagon atamfa ta Dilimi" bai halatta ba, ko da ba a faɗi suna ba, domin Jos ƙaramin gari ne ga mai neman sanin mutum. Da mai zuwa masallaci ɗaya da ita, da mai zuwa coci ɗaya da maƙwabciyarta, duk muna da su a nan. Sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da tarin fuka, da gwajin ciki, da abin da ya shafi taɓin hankali ko fyaɗe, waɗannan ba sa shiga zaure ko da lambar kati. Baki da baki ne, ko kira tsakanin mutum biyu a inda babu mai saurare. Saƙon murya ma a kiyaye, don an sha jin ana sauraronsa da ƙarfi a cikin Keke.

Zaurukan adashi da zumunci da na addu'a ku ci gaba da abinku, amma babu maganar mara lafiya a ciki, ko da neman addu'a ne ko tara masa gudummawa. Na san da tausayi ake yi. Sai dai wanda aka nema wa addu'a da suna da ciwo ba a tambaye shi ba ko yana son a sani. Hoton jariri a Status da "Allah ya raya" shi ma a daina, sai dai in naka ne.

Jami'in ajiye bayanai zai bi wayoyin aiki ranar Laraba ya kashe Media visibility, ya kunna Two-step verification, ya duba Linked devices ya cire duk kwamfutar da ba mu sani ba, ya tsayar da ajiyar hira a Google Drive, ya kuma rubuta lambar kowace waya da ke fitowa idan an danna `*#06#`. Duk wanda ke cikin zauren aiki da wayarsa, wajibi ne ya sa mata kulle, ya ɓoye saƙo daga fitowa a fuskar waya. Wanda wayarsa ta haɗaka ce da miji ko mata ko yara, ya faɗa, a cire shi daga zauren a riƙa kiransa. Babu laifi a wannan, kuma ba za a tambayi dalili ba. Idan wani ya kira yana neman lambar da WhatsApp ya turo, ko ya ce daga ofis ne, kada a bayar. Hanyar ƙwace zaure ke nan.

Wajen kiran marasa lafiya a tuna cewa lambar da ke kan kati sau da yawa ta miji ce, ko ta yaya, ko ta maƙwabci, wani lokacin ma layin ya daɗe a rufe kamfani ya sayar wa wani. A tabbatar da wanda ake magana da shi tukuna. In ba shi ba ne, a ce, "Don Allah a faɗa wa Malama ta leƙo asibiti," a tsaya nan. Ba a tura sakamako ta saƙo. Masu kati su riƙa tambaya tun wajen yankar kati ko lambar ta mutum ce shi kaɗai, da ko ya yarda a kira shi a kanta. Miji ko suruka ko mai gida a wurin aiki da ya kira yana tambayar "me aka gani", a amsa masa cikin ladabi cewa mai ciwon ne ke da ikon faɗa. Idan ya matsa, a haɗa shi da ni.

Wannan bai hana aikin da ya wajaba ba. Mara lafiyar da za a tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato zai tafi da takardarsa kamar kullum, a kuma kira likitan da zai karɓe shi kai tsaye. Idan ana zargin zazzaɓin Lassa ko kwalara, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take ta hanyar da aka saba. Kada wani ya jinkirta ceton rai yana cewa sanarwa ta hana.

Ga masu ganin tsanani ne irin namu: doka ce ta ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini da kansa ba, ko in ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ɗora wa asibiti sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayani ya fita ta hanyar da za ta iya cutar da mai shi. Likita da nas kuma kowa ya san majalisar da ta ba shi lasisi tana iya tuhumarsa kan tona sirri.

Awa 72 ɗin nan ita ce dalilin da ya sa muke son ji da wuri. Idan waya ta ɓata, ko an sace, ko saƙo ya tafi inda bai kamata ba, a goge abin da za a iya gogewa, a sanar da shugaban sashe kafin awa ɗaya ta cika, ko da tsakar dare ne. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa za a zauna da shi a gyara. Wanda ya ɓoye har muka ji a waje, ko ya yaɗa da gangan, zai amsa takardar tuhuma, abin kuma yana iya kai wa ga sallama.

Kafin Juma'a 7 ga wata, kowa ya bi wayarsa ya goge tsofaffin hotuna da saƙonnin marasa lafiya. Wanda bai iya ba ya je wurin jami'in ajiye bayanai a taimaka masa. Ranar za a yi zama da ƙarfe 2:00 na rana a ɗakin taro, masu aikin dare kuma Asabar da ƙarfe 8:00 na safe. Shugabannin sassa su karanta wa waɗanda karatu ke yi wa wuya, sannan kowa ya sa hannu a takardar da ke teburin shugabar nas-nas.

Na gode, Allah ya taimake mu.

Shugabar Asibiti