Hoton Bashar

Kwana uku da bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, Bashar bai sa hotonsa a ko'ina ba. Abokan karatunsa duk sun cika WhatsApp da nasu. Shi kuwa yana kwance a soron gidansu a Argungu, waya a hannu, yana ta harara.

Ƙanwarsa Hadiza ce ta ɗauki hoton da rana tsaka. Rigar biki ta yi masa yawa, hular ta karkace, goshinsa na ƙyallin zufa. Ga baƙin da ranar fadama ta bar masa, don tun yana aji ɗaya a jami'a babu hutun da bai ƙare a gonar shinkafa ba. Ga kuma tabon gefen girarsa, inda hannun injin ban ruwa ya kufce ya doke shi.

Ya buɗe manhajar gyaran hoto. Da farko haske kaɗan ya ƙara. Ya ga ya yi kyau, ya sake ƙarawa, har ya koma fari sol. Ya goge tabon, ya miƙe hanci. Sai bayan hoton ya dame shi: ƙura, babura, mutane birjik. Ya share su duka, ya ɗora dogayen benaye na wata ƙasa, ya sa wa kansa kwat da baƙin tabarau. Bai gamsu ba. Ya cire kwat ya sa babbar riga mai aska takwas da hula zanna. Ya gwada gemu, ya gwada saje, har rawani ya naɗa ya ga kansa basarake.

Ya tura wa abokinsa Nura mai kwat ɗin. Amsa ta zo nan take: "Kai, mutumina! Wannan ai sai manajan banki." Daɗi ya kama shi.

Bayan sallar isha'i ya shiga cikin gida. Inna na zaune a tabarma tana tsince wake, Hadiza na haska mata fitila.

"Inna, zaɓar mini wanda za a wanke a rataya a ɗaki."

Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar ta kawo kusa da ido. Hadiza na tura mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan mai babbar riga.

"Wanga ɗan wa ne?"

"Ni ne mana, Inna."

"Kai? To ina tabonka?"

"Na goge shi."

"Tabon da na kwana biyu a asibiti ina yi maka fifita?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙa wa Hadiza wayar. "Nuna mini wanda kika ɗauka da hannunki."

Hadiza ta nemo shi. Inna ta yi murmushi, ta sa yatsa, amma ba a fuskar Bashar ta sa ba. Can gefen hagu ta nuna.

"Ga Malam nan."

Bashar ya karɓi wayar ya ja hoton ya ƙara girma. A bayan kafaɗarsa, kusa da babura, Baba ne tsaye cikin farar shaddarsa ta sallar bara. Ya riƙe jakar Bashar da tsofaffin takalmansa a ƙirji, yana kallonsa yana dariya, har giɓinsa ya fito. Bashar bai taɓa ganin irin wannan dariya a fuskar mahaifinsa ba. Kwana uku yana kallon hoton nan, hancinsa da goshinsa kawai yake gani. A cikin mutanen da ya share tun farko, har da Baba.

"Na ce ya matso a ɗauka da shi, Yaya," in ji Hadiza. "Ya ce a'a, ranarka ce, kada ya ɓata maka hoto."

Inna ta koma kan wakenta. "Buhu goma sha biyu ya sayar shekarar da ka shiga. Bai bari ka sani ba."

Bashar ya kasa cewa komai. Ya tashi ya koma soro, ya daɗe zaune a duhu, sannan ya bi hotunan da ya gyara yana gogewa.

Washegari ya tafi shagon wankin hoto a bakin kasuwa. Mai shagon ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ce, "Barka da gamawa. Zan ɗan haska ka, in cire wannan dattijon da baburan."

"Kada ka taɓa komai. Babana ne."

"Allah sarki, yi haƙuri. Wane girma?"

"Babba, da firam. Ka wanke ƙarami ɗaya kuma, wanda zai shiga aljihun Baba."

"Sai bayan la'asar, in an kawo wuta."

"Zan jira," in ji Bashar, ya ja benci.