Abin da muka tsayar jiya kan aikin ramukan rabin wata, da wanda zai ɗauki kowane aiki

Assalamu alaikum,

Barkanmu da shan ruwa, da fatan kowa ya isa gida lafiya. Na gode wa duk wanda ya zo zaman jiya Talata 24 ga Maris a ofishinmu na Tawa, musamman Hajiya shugabar mata da wakilin maigari, waɗanda suka taso daga ɓangaren Badagishiri tun da asuba. Ga abin da muka tsayar. In na rubuta wani abu ba yadda aka faɗe shi ba, a gyara mini kafin Juma'a.

Babbar magana ita ce mun rage filin da za mu haƙa ramukan rabin wata, masu tare ruwan sama don a dasa itace. Eka 40 za mu yi bana, ba 60 ba, kuma ina nufin eka ta murabba'in mita 10,000. Na san Malam injiniya bai so hakan ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi: fakon da muka bari a gabas shi ne ke turo ruwa cikin koramar da ke cin gonakin mutane. Amma duk mun ga filin bara. Ran da na koma can a watan Disamba, na bi layi guda na ƙirga rami 50, itace 9 kawai na tarar da rai. Sauran awaki sun cinye su har ƙasa, sai ɗan kututture kamar tsinken sakace. Ramukan sun sha ruwa, ciyawa ta fito, aikin hannu bai da laifi. Mai gadi ne ba mu sa ba. Ba na son mu sake tsayar da mata cikin zafin Afrilu suna sarar fako da diga, daga baya a bar wa dabbobi.

Lissafin kuɗin ga shi. A kan rabin wata 313 kowace eka, eka 40 ta kama rami 12,520. Mun bar ladan yadda yake, dala tamanin kowane rami, wato sefa 400, jimilla sefa 5,008,000. Eka 20 da muka ajiye ta rage mana 2,504,000. Daga ciki, 1,440,000 na masu gadi biyu ne, jika talatin kowanne a wata har wata 24. Ragowar 1,064,000 za ta tafi wajen irin ciyawa da sabunta kayan aiki. Malam ma'aji, don Allah ka sake jera kasafin a kan waɗannan alƙaluma ka turo mini ranar Litinin 30 ga Maris, don in aika Yamai a nemi amincewa da sauyin. Ni zan rubuta takardar bayani da za ta raka shi, da hotunan filin bara.

Abu na biyu, kuma a nan ba sassauci: ba diga ɗaya da za ta taɓa ƙasa sai takardar fili ta fito. Fako ba mai kula da shi muddin ba ya ba da komai, amma ran da gamba ta tsaya kore a kansa, za a samu mai cewa gonar kakansa ce. Don haka wakilin maigari zai tara kwamitin filaye na gari ranar Alhamis 2 ga Afrilu, a zagaya iyaka da ƙafa, a kafa duwatsu, a rubuta cewa filin na al'umma ne da yadda za a ci moriyar ciyawa da itacen. Ni da jami'in gandun daji za mu je, daga nan mu kai takardar kwamitin filaye na ƙaramar hukuma. A gaida mana Baba maigari, a karanta masa wannan sashen da baki, a kuma roƙe shi ya aika wa arɗo da kansa. Burtali ya bi ta arewacin filin, mun amince a bar shi a buɗe da faɗinsa, kuma ɗaya daga cikin masu gadin zai fito daga cikin makiyaya. Wannan shawarar Hajiya ce, na kuma ga ita ce mafi amfani a duk abin da aka faɗa jiya. Wanda aka yi iyaka da shi, shi zai fi tsare ta.

In takarda ta fito, a fara haƙa Litinin 6 ga Afrilu. Mutum 120, rami uku kowanne a yini, kwana shida a mako, mu gama Asabar 16 ga Mayu in Allah ya yarda, kafin Layya da ruwan farko. Aiki daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 11, saboda rana. Hajiya, ke za ki haɗa sunayen zuwa 1 ga Afrilu, rukuni shida na mutum ashirin ashirin. Tunda samari da yawa suna bida, yawanci mata ne, kamar yadda aka gani tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Shi ya sa muka ce a samu amalanke biyu na ruwan sha kullum, da rumfa ta masu goyo. Biya kuma duk ranar Asabar, a fili, a hannun wadda ta yi aikin.

Malam injiniya, naka biyu ne. Na farko, horon masu awo guda 12 a ranakun 3 da 4 ga Afrilu. Bara a kusurwar kudu an samu layuka da bakin rami ya kalli gefe maimakon ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ruwan farko ya fasa kunyar ya wuce. A nuna musu awo da tiyon ruwa, faɗin mita 4, kuma layi na biyu ya tare tsakanin ramukan layi na farko. Ramin da shugaban rukuni bai duba ba, ba ya shiga lissafin biya. Na biyu, ka ƙirga abin da ya rage a sito. Na leƙa shekaranjiya, diga da yawa ba ƙota, shebur wasu sun lanƙwashe. Ka ba ma'aji adadin da za a saya da wanda maƙeri zai iya gyarawa.

Jami'in gandun daji ya ɗauki gandun renon itace: tsiro 13,500, yawanci dakwara, sai bagaruwa da aduwa kaɗan. A zuba iri a leda kafin 15 ga Afrilu don su kai dashe a ƙarshen Yuli, mu rufe dashen ranar 3 ga Agusta tare da bikin dashen itace na ƙasa. Irin kyasuwa da gamba kuma a fara tambaya wajen matan garin kafin a je kasuwa.

Abu ɗaya ba mu gama ba, shi ne tarar dabbar da aka kama cikin fili. An faɗi dala ɗari kan akuya, wasu sun ce ya yi yawa. Ra'ayina kada mu yanke shi a ofis. A bar wa zaman 2 ga Afrilu, inda manoma da makiyaya duk suna wurin.

Zama na gaba Talata 14 ga Afrilu, ƙarfe 8 na safe, a filin aikin. Mota za ta tashi daga ofis ƙarfe 6 da rabi. Kowa ya amsa mini wannan saƙo ko da da kalma ɗaya, in san ya gani kuma ya karɓi nasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Mai kula da aikin farfaɗo da ƙasa, Tawa